Na tura wa uwargida saƙon soyayya da azahar, ta ce "wa ka yi niyyar turawa?"

Abban Siyama: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da 'yar matsala, kuma ina roƙon kada a yi mini dariya, ko da yake na san sai an yi. Shekara 14 ke nan da aurenmu da uwargida, 'ya'yanmu huɗu. Ba faɗa muke yi ba, ba gaba, alhamdulillahi. Sai dai zaman ya koma kamar na wa da ƙanwa. Jiya ina zaune a shago a Kwari, an idar da azahar, kasuwa ta ɗan lafa, sai na hau duba hirarmu ta WhatsApp ina ja baya. Wallahi har na kai azumin bara ban ci karo da kalma ɗaya mai daɗi ba. "Gas ya ƙare." "An kawo wuta?" "Ka biya ta kemis." "To." "Na turo." Kunya ta kama ni. Sai na lalubo wani saƙo da abokina ya taɓa turo mini, na aika mata: "Ke ce hasken idanuna, bugun zuciyata, tauraruwar da ke haskaka duniyata, in babu ke babu ni." Har da hoton jan fure. Ƙarfe biyu saura kwata ke nan. Nan take na ga ta karanta, amma shiru. Sai wajen ƙarfe uku ta rubuto: "Lafiya? Wa ka yi niyyar turawa?" Na ce ke mana. Ta ce, "To, Allah ya kyauta." Da na koma gida an ba ni tuwona, an ce sannu da zuwa, amma fuskar nan ba walwala, har ma kamar gara shekaranjiya. Ina na kuskure?

Ango Sabon Shiga: Wa'alaikumus salam Yaya. Saƙon ai ya yi kyau, ni irinsa nake turawa kullum har sau uku, kuma madam tana jin daɗi. Matsalar guda ɗaya ka tura. Ka dinga jerawa safe, rana, dare, za ta saba.

Maman Biyu: Ango, wata nawa da aurenka?

Ango Sabon Shiga: Takwas.

Maman Biyu: To ka zauna ka saurara. A wata takwas ko "sannu" ka rubuta sai an yi murmushi.

Mai Gyaran Waya: Alhaji tambaya ɗaya kafin manya su shigo. Saƙon nan, kwafa ka yi ka liƙa, ko kuwa danna shi ka yi ka tura kai tsaye daga wurin abokin naka?

Abban Siyama: Kai tsaye na tura. Akwai bambanci ne?

Mai Gyaran Waya: Innalillahi. Koma ka duba saman saƙon. Za ka ga an rubuta Forwarded da 'yar kibiya. In kuwa saƙon ya daɗe yana yawo hannu zuwa hannu, abin da za ka gani shi ne Forwarded many times da kibiya biyu. Ita ma haka ta gani a tata wayar.

Abban Siyama: Na duba. Kibiya biyu ce.

Maman Biyu: Wayyo cikina! Wato hasken idanun Kano da kewaye aka turo mata.

Goggon Fagge: Ku bar dariya haka, bawan Allah da niyyarsa mai kyau ya zo. Ɗana, ni shekarata 31 a ɗakin miji, kuma a unguwarmu in an samu saɓani tsakanin ma'aurata sau da yawa a ɗakina ake zama, don haka na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Bari in gaya maka abin da ya faru a zuciyar matarka tsakanin biyu saura kwata da ƙarfe uku, wannan shirun da ka ce ta yi.

Macen da ta shekara goma sha ba ta ji irin wannan magana daga mijinta ba, ranar da ta gani ba daɗi ne zai fara zuwa mata ba, lissafi ne. Da farko za ta ce kuskure ya yi, wata ya nufa yatsa ya zame. In ta kawar da wannan, sai ta ce laifi ya yi yana share fage. Na ukun shi ne mai zafin, kuma shi ne ya ɗaure mata fuska da dare: aure zai ƙara. Don mu mata mun san yadda abin yake zuwa. Namijin da bai taɓa shigowa da leda ba sai ka ga ya fara shigowa da balangu, ya fara cewa girkin yau ya yi daɗi, ya canza turare. Bayan sati uku sai a ce "ina son mu yi magana", sai ga kayan faɗar kishiya. Ta ga an yi wa yayarta, ta ga an yi wa maƙwabciyarta. Ba za ka ga laifinta ba in ta jera saƙonka a wannan layin.

Kuma kai ka taimaka mata wajen zargin, don kalmomin ba naka ba ne. Shekara 14 tana jin bakinka, ta san ba ka cewa "tauraruwa". Ko kibiyar nan ba ta fito ba, za ta gane rigar aro ce.

Abban Siyama: Goggo wallahi ko tunanin ƙarin aure ba na yi a wannan tsadar. Kuɗin makarantar huɗun ma da ƙyar.

Goggon Fagge: Ni na yarda. Ita ce ba ta cikin zuciyarka.

Ɗan Maraɗi: Ni dai a ganina an tsallake asalin magana. Mace in ta ɗaure fuska kuɗin cefane ne. Ka ƙara mata wani abu a kai, ka ga in ba ta saki ba. Saƙo ba ya shiga tukunya.

Maman Biyu: Malam ba a ce ta yi ƙorafin cefane ba fa. Lafiya lau suke kafin saƙon. In ya ƙara kuɗi yau, kwana ɗaya bayan jan fure, ai ya gama tabbatar mata da cewa amarya na hanya.

Ɗan Maraɗi: To kuma haka ne. Amma dai kada a manta da tukunyar.

Dattijon Arziki: Ni abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu ke nan. Magidanci da 'ya'ya huɗu, da furfura ta fara leƙowa, ya zauna a kasuwa yana rubuta wa matarsa bugun zuciya. Iyayenmu sun yi shekara hamsin da iyayenmu mata ba su yi wannan ba, kuma mutuwa ce ta raba su. Wasa da mace yana jawo raini. Ka ciyar, ka tufatar, ka riƙe girmanka. Abin da ya same ka maganinka ke nan.

Malamin Islamiyya: Baba, da girmanka, amma a nan ba zan bi ka ba. Wanda ya fi kowa girma, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Karon farko ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Abu Dawud ya ruwaito. Ka lura da abu ɗaya a ciki, don ya shafi ɗan'uwanmu: tseren na biyu bayan shekaru aka yi shi, kuma daɗinsa duk a kan tuna na farkon yake. A Bukhari kuma ya zo yana gajarta sunanta ya ce "ya A'ish". Sannan ya taɓa ce mata yana gane lokacin da take murna da shi da lokacin da take fushi: in tana murna takan rantse da Ubangijin Muhammadu, in tana fushi ta ce Ubangijin Ibrahim. Wannan zolaya ce ta mutumin da ya san matarsa ciki da bai. Babu wanda ya raina shi saboda haka.

Dattijon Arziki: Malam ban musa hadisi ba, Allah ya tsare ni. Amma a cikin ɗaki aka yi, ba a waya ba da kowa zai iya ɗauka ya karanta.

Malamin Islamiyya: Tseren a halin tafiya aka yi, sai da ya ce sahabbai su yi gaba. Amma batun wayar kana da gaskiya a rabi, zan dawo kansa.

Goggon Fagge: Alhaji, ni kuma ta wani gefen zan taɓa ka. Ka ce iyayenmu ba su yi ba. Sun yi, ba su dai yi a gabanka ba. Mahaifina a kasuwar Kurmi yake zama. Kusan kullum in rana ta take sai ya aiko almajiri da goro biyu a ganye, fari da ja, a ce a kai wa "mai ɗakin tsakiya". Muna yara mun ɗauka goro ne kawai. Sai da na girma na lura in farin ya zo shi kaɗai, Inna takan yi dariya ta ce "yau kuma tsokana ake ji", ta mayar da ɗan aiken da wani abu a kwano. Har ta rasu ba ta gaya mana ma'anarsa ba. Da dare kuma akwai tsiren da ake shigowa da shi bayan mun yi barci, da safe mu ga takardar da mai ya jiƙa. To wannan goron shi ne saƙon azahar na zamaninsu. Waya ce kawai ta maye gurbin almajirin.

Dattijon Arziki: Hajiya kin tuna mini da wani abu, amma ba zan faɗa a nan ba.

Maman Biyu: Baba ya kamu!

Abban Siyama: To yanzu Goggo mene ne gyara? In ƙara turawa ko in yi shiru abin ya wuce?

Goggon Fagge: Kada ka tura komai tukuna. Yau da dare, bayan yara sun kwanta, ka gaya mata gaskiya da bakinka, kuma ka faɗe ta yadda ka faɗa mana: ka duba hirarku ka ga gas da kemis kawai, kunya ta kama ka, ba ka iya tsara magana ba ka ari ta wani. Ka nuna mata kibiyar ku yi dariya tare. Namiji in ya yi wa kansa dariya a gaban matarsa, rabin zargin ya zube. Kada ka yi rantsuwa goma kan ba za ka ƙara aure ba, ba ta tambaye ka ba, kuma yawan rantsuwar wani zargin ne.

Bayan kwana biyu ko uku sai ka sake gwadawa. Amma kafin nan ka amsa mini: lokacin da kake zuwa zance gidansu, da wane suna kake kiranta? Kuma wane abu ne ya taɓa faruwa tsakaninku wanda in an tuna sai an yi dariya, wanda ba mai gane shi sai ku biyu?

Abban Siyama: Lokacin tana karatun koyarwa ne, ina ce mata Malama Ƙarama, ita kuma tana cewa ba ta so. Rabon da in faɗa tun kafin haihuwar na biyu. Abin dariya kuwa, ranar da na fara zuwa gidansu da mashin ɗin aro na je, na ci ado da farar shadda. Da zan tafi ya ƙi tashi. Na yi ta bugawa har gumi ya jiƙa rigar, ƙarshe ƙannenta biyu ne suka tura ni har bakin titi. Ita tana laɓe a zaure ina jin dariyarta. Ta daɗe tana musa cewa ta yi dariyar.

Goggon Fagge: Ka ga dukiya a hannunka ka je aron tauraruwa. Wannan shi ne saƙonka. Ba wata mace a duniya da za a tura wa maganar mashin ɗin nan ta gane, don haka tambayar "wa ka yi niyyar turawa" ta mutu tun kafin a yi ta. Rubuta mu gani.

Abban Siyama: Ga shi: "Malama Ƙarama, na tuna ranar da na zo gidanku mashin ya ƙi tashi. Tun daga ranar nake sonki har yau, kuma zan ci gaba da sonki har abada. Na gode da haƙurin da kike yi da ni da tarbiyyar yara. Allah ya saka miki da Aljanna. Me za a dafa da dare?"

Maman Biyu: Layin farko ya yi. Daga nan sai ka koma wa'azin walima. Wannan "na gode da haƙuri" ɗin, in ni ce zan ɗauka wasiyya ce, in kira in ji ko asibiti kake. Na ƙarshen kuwa ka goge shi da gudu. Da zarar ka sa maganar girki, duk abin da ke sama ya zama sallama kafin aike.

Goggon Fagge: Ta faɗi gaskiya. Godiya da addu'a suna da ranarsu, ka yi su baki da baki. Wannan wasa ne, kuma wasa ba ya son nauyi. Ka gajarta shi ya tsaya layi uku. Ka fara da abin da ke gabanka a kasuwa, don ta san yanzu-yanzu ka tuna ta, ba zama ka yi ka tsara ba. Kada ka ce "ina sonki", bari labarin ya faɗa. Sannan ka bar mata ƙofar da za ta rama, wato ka tsokane ta da abin da dole ta musa. Macen da kunya ba za ta bari ta rubuta "ni ma ina sonka" ba, za ta iya rubuta "Allah ban yi ba" cikin sauƙi, kuma daga nan hira ta buɗe.

Abban Siyama: To ga wani: "Malama Ƙarama, yanzu wani ya wuce ta gaban shago yana tura mashin, gumi sharkaf. Sai na tuna wani bawan Allah mai farar shadda, da wata da ta laɓe a zaure tana masa dariya. Shekara 15 ina jiran a ba ni haƙuri."

Maman Biyu: Yauwa! Wannan ko ni na yi murmushi. Kada ka ƙara ko fure ɗaya.

Malamin Islamiyya: Sai dai a tabbata an ga mai tura mashin ɗin, kada a fara gyaran aure da ƙarya.

Abban Siyama: Malam a Kwari? Kafin azahar sai na ga uku.

Ango Sabon Shiga: Ni fa har yanzu ban ga dalilin da za a ce sai da rana ba. Dare ai ya fi daɗin soyayya.

Maman Biyu: Ango, bari in faɗa maka a matsayina na mace, iya abin da kunya za ta bari. Magana mai daɗi in ta zo da dare, bayan an wuni ba a kula ki ba, kin san abin da ke biye da ita, sai ki ji kamar kuɗin shiga ne. Da safe kuma ba mai hankalin karatu, ana neman safar wannan, ana zuba wa wancan abinci a kula. Amma ƙarfe sha biyu ko ɗaya, yana can cikin hayaniyar kasuwa, ba abin da zai samu a wurinki a wannan lokacin, kuma ya tuna ki. Shi ya sa na rana yake shiga. Sannan yana ba mace awa biyar ko shida tana juya shi a ranta kafin a haɗu. Da yawa turaren wutar da maza ke tararwa da magariba, tun azahar aka kunna shi.

Sai dai "rana" ba ɗaya ba ce ga kowace mace. Abban Siyama, Malamar taka har yanzu tana koyarwa?

Abban Siyama: E, a firamare. Suna tashi ɗaya da rabi, ta kwaso yara, ta ɗora na rana.

Maman Biyu: Ka ga ni. Biyu saura kwata tana cikin adaidaita da yara uku a cinya, ko tana gaban murhu. Ko saƙon kirki ne a wannan lokacin ba zai samu wurin zama ba. Ka nemi lokacin da take zaune a ofishin malamai ba aji, ko kuma bayan yara sun ci sun tafi Islamiyya gida ya yi shiru. Matar da ke gida kuwa, tsakanin sha ɗaya da sha biyu, bayan shara da wanke-wanke kafin a dawo daga makaranta.

Abban Siyama: Ranar Laraba na san darasinta yana ƙarewa sha biyu. Amma kada abokan aikinta su gani.

Goggon Fagge: Ba za su ga saƙon ba, murmushin za su gani su tambaya, ta ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin ma wani daɗi ne, ka bar mata shi.

Direban Tirela: Tunda an zo batun gani, bari in ba ku nawa ku kiyaye. Ni sai in yi kwana goma tsakanin Kano da Legas. Uwargidana ba ta yi boko ba, don haka da murya nake aika mata, kuma wallahi murya ta fi rubutu, don tana jin dariyar mutum. Wata rana mun tsaya cin abinci a Mokwa da azahar, na ɗauki waya na rera mata wani kirari da nake mata tun tana amarya, har da kwaikwayon muryarta. Na tura. Ashe zauren danginmu ne a sama, mai mutum sittin da wani abu, har da kawunnaina da surukata. Kafin sabis ya dawo in goge, mutum tara sun saurara. Yau shekara biyu, in na je ɗaurin aure ƙannena da kirarin suke tarbata.

Maman Biyu: Ita uwargidan fa?

Direban Tirela: Ta yi sati ba ta je gidan kowa ba don kunya. Amma na lura ba ta goge shi a wayarta ba.

Mai Gyaran Waya: Irin wannan kullum muna ji a Farm Centre. Abu uku zan faɗa. Ka buɗe hirarta ka ga sunanta a sama kafin ka fara rubutu ko ɗaukar murya, kada ka rubuta a wani wuri ka turo. In ka yi kuskuren harafi, WhatsApp yana barin ka gyara cikin minti 15, sai dai zai nuna Edited. Amma kada kunya ta kama ka bayan ka tura wa matarka ka danna Delete for everyone, don zai bar mata This message was deleted, kuma wannan ya fi kowane saƙo tayar da hankali, za ta wuni tana tunanin me aka goge. Na ƙarshe, yawancin wayoyin iyaye mata a hannun yara suke wuni, kuma saƙo yana fitowa a fuskar waya ko tana kulle in ba a kashe hakan ba.

Malamin Islamiyya: Nan ne na ce Baba yana da gaskiya. Ma'aunin mai sauƙi ne: ka rubuta abin da in 'yarka mai shekara 12 ta karanta, iyaka ta ce Abba da Umma suna wasa. Saƙon mashin ɗin nan ya ci wannan jarrabawa. Abin da ya shafi shimfiɗa kuwa ba na waya ba ne. Hadisin Muslim ya yi kashedi mai tsanani kan yaɗa sirrin da ke tsakanin miji da mata, kuma waya tana ɓata, ana sayarwa, ana kai ta gyara.

Mai Gida Biyu: Ni tambayata daban ce. Mata biyu gare ni, gida ɗaya. In na tura wa uwargida irin wannan ranar girkin amarya, na shiga haƙƙi? Kuma in na tura wa ɗaya dole in tura wa ɗayar?

Ango Sabon Shiga: Ka rubuta ɗaya ka tura musu duka, adalci ke nan.

Maman Biyu: Ango don Allah! Ranar da suka shirya suka haɗa wayoyi, a masallaci zai kwana.

Malamin Islamiyya: Asalin rabo na kwana ne, kuma wunin yana bin darensa. Gaisuwa da tambayar lafiyar wadda ba ranarta ba, ba a hana ba. Ni a fahimtata gajeren saƙo da rana, kana wurin sana'arka, ya fi kusa da gaisuwa. Abin da zan tsoratar da kai shi ne ya zama kullum ɗaya ce ke samu, ɗayar sai "an kawo wuta?", don a nan karkata ta fito fili.

Goggon Fagge: Malam, ni a nan ina da ja. A takarda gaisuwa ce, amma a tsakar gida ɗaya ba haka take ba. Amarya tana gaban tukunya tana yi masa girki, ta ɗago ta ga uwargida tana kallon waya tana murmushi, ta san daga ina. Ni shawarata kowace a tsokane ta ranar girkinta, da nata labarin da ba na ɗayar ba.

Mai Gida Biyu: Amma Goggo ai wadda ba ranarta ba ita ta fi bukatar a tuna da ita. Mai girki ai za ta gan ni da dare.

Goggon Fagge: Wannan ma magana ce. Kai ka san matanka. Abin da ba zan janye ba shi ne, in ka shiga ɗakin mai girki, wayar ta kwanta.

Malamin Islamiyya: A kan wannan mun haɗu.

Ango Sabon Shiga: To sau nawa za a dinga turawa, tunda an ce ukuna sun yi yawa?

Goggon Fagge: Kai ci gaba da ukunka har su ƙare da kansu. Shi Abban Siyama sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, kuma kada ya zama ranar da aka sani, in ba haka ba ya koma kamar shan magani. Sannan kada ya sa ran amsa mai zaƙi a karon farko. Wata "hmm" za ta rubuto, wata "Allah ya shirye ka", wata ba za ta amsa ba sam sai dai ya ga an canza zanin gado. Duk amsa ce. Wadda za ta dame ni ita ce in an yi sau huɗu, sau biyar, fuska ba ta canza ba. To a nan akwai wani tsohon ciwo a ƙasa da ba a taɓa magana a kansa ba, kuma wasa ba ya warkar da shi, sai an zauna. Haka kuma in da rana ka kira ta Malama Ƙarama, da magariba ka shigo kana faɗa kan takalman yara a ƙofa, gobe ko karantawa ba za ta yi ba.

Abban Siyama: Jama'a na dawo da rahoto. Daren Litinin na yi mata bayani kamar yadda Goggo ta ce. Da na nuna mata kibiya biyun ta ce ai tun a adaidaita ta gani, har ta fara lissafin wace ce a layinmu. Ta ambaci sunan wata ma, na ce subhanallahi. Yau Laraba, sha biyu da minti ashirin, na tura na mashin. Minti huɗu ta amso: "Ni ban yi dariya ba, tari ne ya kama ni." Na ce tarin da har da riƙe bango? Ta ce, "Kuma shaddar ba fara ba ce, ruwan madara ce, ka tsufa." Muka yi ta yi har aka kira salla. Na ce tarar dariya ita ce ta raka ni cin gurasa bandashe irin ta Jakara da nake kai mata lokacin zance. Ta ce wanda aka tura a mashin shi ke biyan tara.

Maman Biyu: Ta tuna kalar shaddar! Alhaji ka je ka sayi gurasar nan tun kafin la'asar.

Ɗan Maraɗi: Kun gani, ƙarshe dai abin ci aka koma.

Dattijon Arziki: Hajiya ta Fagge, goron nan, farin shi kaɗai kika ce ake aikawa?

Goggon Fagge: Shi kaɗai, Alhaji, a ganye. Ka aiki jikanka, kada ka ce masa komai.

Abban Siyama: Yanzu wani saƙon ya shigo. "In za ka taho da gurasar a sa ƙuli da yawa. Kuma da gaske gas ya ƙare."